Jaka nawa za a sayar kafin sabon kaya ya riƙe kansa?

Duk mai masana'antar da ke tunanin ƙara sabon nau'in kaya a kan wanda ya saba yi, tambayar da ya kamata ya fara amsawa ita ce: guda nawa zan riƙa sayarwa a wata kafin in daina ciyar da kayan nan daga aljihuna? Wannan adadin shi ne gaɓar ba riba ba faɗuwa, inda abin da ya shigo ya yi daidai da abin da ya fita. Lissafinsa bai wuce rabawa guda ɗaya ba, ɗan makaranta ma zai iya. Wahalar tana wajen zaɓen alƙaluman da za a raba, domin kaya ɗaya a masana'anta ɗaya na iya ba da amsa 400 ko 770, ya danganta da abin da aka saka da abin da aka manta.

Kuɗin da ake kashewa iri biyu ne. Akwai mai bin kaya: in an yi guda ɗaya a kashe shi sau ɗaya, in an yi dubu a kashe shi sau dubu, in ba a yi komai ba bai taso ba. Akwai kuma tsayayye, irin su haya da albashin wata, wanda za a biya ko an yi ciniki ko an wuni ana kallon ƙofa. Idan aka cire kuɗi mai bin kaya daga farashin da aka sayar da guda ɗaya, abin da ya saura shi za mu kira rara. Rarar nan ba riba ba ce tukuna. Ita ce ke taruwa tana biyan tsayayyen kuɗi, sai ta gama biyansa sannan abin da ya biyo baya ya zama riba.

```
rara = farashi - kuɗi mai bin kaya
gaɓa = tsayayyen kuɗi / rara
```

Mu ɗauki misalin wata masana'antar ɗinki mai yin jakunkunan goyo, da take son fara yin jakar kwamfuta mai soso a ciki. Alƙaluman na misali ne, kuma ba a ɗaura su da kuɗin kowace ƙasa ba. An sa farashin jaka 50. Yadi zai ci 11, soso da shafi 4, zif da ƙarafa da madauri 3, ladan ɗinki 6 a kan kowace jaka, leda da kwali 1. Jimilla 25, rara 25 ke nan. Ta ɓangaren tsayayyen kuɗi kuwa, a kowane wata akwai hayar ƙarin ɗaki 2,500, albashin mai kula da aiki da mai yanka 3,000, talla 2,500, gyara da wuta da inshora 800. Za a sayi kekunan ɗinki shida da injin yanka a kan 72,000, ana sa ran su yi shekara biyar, wato wata 60, saboda haka tsufansu yana cin 1,200 a wata. Duka 10,000. A raba 10,000 da 25, an samu jaka 400. Masu kula da ciniki sun ce za su iya sayar da 700 a wata. A takarda, akwai tazarar jaka 300 da ribar 7,500. A nan ne yawancin mutane ke rufe littafi su tafi sayen injuna.

Matsala ta farko tana jikin 50 ɗin nan. Farashin da ke rubuce a jikin kaya ba shi ne ke shiga asusun masana'anta ba. Masu sari ba za su ɗauka ba sai da ragi, a ce kashi 12 cikin ɗari, wato 6 a kowace jaka, abin da zai zo hannu 44 ne. Da wannan gyaran kaɗai rara ta sauko zuwa 19, gaɓar ta hau zuwa jaka 527. A lura da girman tsallen: farashi ya sauka da kashi 12, amma adadin da ake buƙatar sayarwa ya ƙaru da kusan kashi 32. Dalili shi ne ragi ba ya taɓa kuɗin yadi ko na zif, daga rara kaɗai yake yanka, kuma rarar rabin farashi ce tun farko. Duk kayan da rararsa ba ta da kauri, ragi ɗan kaɗan kan girgiza shi fiye da haka ma. Haka nan in ana karɓar harajin ciniki a kan kayan, wannan kuɗin hukuma ne da ya ratsa ta hannunka, a cire shi kafin a fara lissafi.

Sai ƙananan abubuwan da ba a ganinsu a teburin ɗinki. Kai kaya wurin masu sari zai ci 2 a kowace jaka. Sannan ba duk jakar da aka ɗinka ce ke wucewa wajen duba inganci ba: wata zif ya karkace, wata soso ya tattare, wata ɗinkin madauri ya saki. In huɗu cikin ɗari suka lalace, 96 ɗin da suka yi kyau su ke ɗaukar kuɗin ɗarin gaba ɗaya. A raba 25 da 0.96, an samu 26 da ɗan ɗoriya, wato ƙarin 1. Yanzu 44 ne ke shigowa, 28 ke fita, rara ta koma 16, gaɓar ta zama jaka 625. Tazarar da ta kasance 300 ta dawo 75. Kuma kashi huɗun nan na ma'aikatan da hannunsu ya riga ya faɗa ne. A watannin farko, lokacin da ake koyon sabon yanka, ɓarnar ta fi haka.

Gyara na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya bambanta lissafin sabon nau'in kaya da lissafin sabon kasuwanci. Mai buɗe sabuwar masana'anta ba shi da tsohon kayan da zai yi wa kishiya. Wannan masana'antar kuwa tana da babbar jakar goyo da mutane suka saba saya suna zuba kwamfuta a ciki. Ranar da jakar kwamfuta ta fito, wasu daga cikin masu sayenta mutanen da dama za su sayi tsohuwar ne. Cinikinsu ba sabo ba ne, daga wannan aljihu ya koma wancan. A ce mutum ɗaya cikin huɗu haka yake, kuma tsohuwar jakar tana barin rarar 12. Kowace sabuwar jaka huɗu da aka sayar ta kashe cinikin tsohuwa ɗaya, an rasa 12, wato 3 a kan kowace sabuwa. Rarar gaskiya ga masana'antar ta zama 13. A raba 10,000 da 13, an samu 769 da 'yan kai, kuma tunda ba a sayar da guntun jaka, 770 ke nan. Kullum sama ake cikawa. Hasashen ciniki 700 ne. In ma hasashen ya cika cif, rara za ta tara 9,100, a yi faɗuwar 900 kowane wata.

Abin da ke sa wannan ya yi haɗari shi ne ba ya bayyana a littafin sabon kayan. Wanda ya buɗe shafin jakar kwamfuta zai ga 700 sau 16, wato 11,200, ya cire 10,000, ya ce ana cin ribar 1,200. Faɗuwar tana can a shafin tsohuwar jaka, wadda cinikinta ya ragu da 175 a wata, kuma da wuya a rasa wanda zai ɗora laifin a kan kasuwa ko a kan masu talla. Alamar da ake gane shi da ita mai sauƙi ce: sabon kaya yana tafiya, kowa na murna, amma jimillar ribar masana'anta ba ta motsa ba ko ta ɗan ja baya. Kafin a fara, hanyar ƙiyasta shi ita ce a ba wasu 'yan masu sari sabon kayan na wata biyu ko uku, a hana wasu masu kama da su, sannan a kwatanta yadda odar tsohuwar jaka ta kasance a ɓangarorin biyu. Tambayar masu sari kai tsaye ma tana da amfani: in kun ɗauki wannan, wanne za ku rage? Suna da iyakar wurin ajiya da iyakar jari, kuma sun san amsar. Wani lokaci abin kan juya ta ɗaya gefen, sabon kaya ya jawo cinikin tsoho, kamar mai sarin da bai taɓa hulɗa da masana'antar ba ya zo don jakar kwamfuta ya haɗa da jakar goyo. In akwai hujjar hakan a ƙara shi a rara. In fata ce kawai, a bar ta a waje.

Akwai kuskuren da ke tafiya ta kishiyar hanya, wanda ke kashe kaya mai kyau tun yana takarda. Akanta ya saba raba kuɗin gudanar da masana'anta a kan kowane sashe: albashin manaja, hayar babban gini, mai gadi, ofis. Zai iya cewa rabon jakar kwamfuta 4,000 ne a wata. In aka ɗora shi, tsayayyen kuɗi ya zama 14,000, gaɓar ta kai jaka 1,077. Wannan rabon yana da wurinsa a rahoton ƙarshen shekara, amma ba shi da hurumi a wannan shawarar, domin manaja zai karɓi albashinsa ko an yi jakar ko ba a yi ba. Ma'aunin kowane layi guda ne: in aka fasa wannan kaya gobe, kuɗin nan zai ɓace? In zai ɓace, a saka shi. In zai ci gaba da fita, ba na wannan lissafin ba ne. Da wannan ma'aunin ne kuma ake watsar da abin da aka riga aka kashe wajen zane da ɗinka samfuri. Ko nawa ne, ya tafi, kuma ci gaba da aikin ba zai dawo da shi ba. Mutane kan ce ai mun riga mun zuba kuɗi da yawa, ba ma ja da baya ba. Da wannan maganar ake bin kuɗin da ya nutse da wanda ke hannu.

Sai dai ma'aunin yana da wani gefe da ake mantawa. A ce ɗakin da za a sa kekunan mallakar masana'antar ne, ba haya za a kama ba. Ba kyauta ba ne in akwai mai son ya karɓe shi haya a kan 2,500, ko in za a iya faɗaɗa aikin tsohuwar jaka a cikinsa. Abin da aka hana kai samu, shi ma kuɗi ne da aka kashe. In kuwa ɗakin a rufe yake shekara da shekaru ba mai nema, to a nan kam sifiri ne.

Yanzu a koma ga 770, a tambaye shi tambaya ta biyu, wadda ba ta shafi kasuwa ba: za a iya ɗinka su ma kuwa? Keke shida, kowanne jaka shida a yini, kwana 24 na aiki a wata, 864 ke nan in komai ya tafi sumul. Komai ba ya tafiya sumul. Keke kan tsaya, maɗinki kan yi rashin lafiya, zif kan makara a hanya. In aka ɗauki kashi 85 cikin ɗari, an dawo 734, a cire huɗu cikin ɗari masu lalacewa, saura kimanin 705. Gaɓar tana 770, ƙarfin aikin ya tsaya a 705. Ma'ana, da wannan tsarin babu adadin cinikin da zai fitar da kayan, ko da masu saye sun yi layi a bakin ƙofa.

Za a ce sai a ƙara aikin dare. A nan ne ake gane cewa tsayayyen kuɗi ba ya tsayawa har abada, matakala yake hawa. Zubin aiki na biyu yana buƙatar nasa mai kula da ƙarin wuta da gyara, a ce 2,000. Tsayayyen kuɗi ya koma 12,000, gaɓar ta matsa zuwa jaka 924. An bi ta don a kamo ta, ta ƙara gaba. Saboda haka duk gaɓar da aka lissafa, a rubuta kusa da ita iyakar adadin da take aiki a cikinsa, daga kaza zuwa kaza, domin da an haye iyakar lissafin ya zama wani.

To, an yi watsi da jakar ke nan? Ba lallai ba. Amfanin lissafin shi ne ya nuna inda za a taɓa. Wuri na farko farashi ne, tunda ƙarfin da ragi ke da shi wajen ɓata rara, irinsa ƙari ke da shi wajen gyara ta. In aka sa jakar 54, bayan ragin masu sari 47.52 zai zo hannu, rara ta tashi daga 13 zuwa 16.52, gaɓar ta sauko jaka 606. A ciniki 700, riba 1,564 ce a wata. Amma 700 ɗin an ƙiyasta shi ne a kan farashin 50. In ƙarin ya kori mai saye ɗaya cikin goma, ciniki ya dawo 630, ribar ta zube zuwa kusan 400. Tazarar jaka 24 ce tsakanin masana'antar da faɗuwa, abin da mai sari ɗaya zai iya shafewa in ya jinkirta oda. Hasashen cinikin kayan da ba a taɓa sayarwa ba kan kauce da fiye da haka nesa, don haka tazarar da ba ta kai kashi 20 zuwa 25 na hasashen ba, a ganina, ba abin dogaro ba ce ga sabon kaya.

Ko a kan kyakkyawan zaton ma, wato 700 a farashin 54, akwai abin da gaɓar ba ta faɗa, domin ita lissafin wata guda take yi, ba ta san lokaci ba. Tsufan injuna 1,200 ne a takarda, amma 72,000 ɗin a rana ɗaya za su fita. Masu sari kuma ba sa biya nan take. In suna ɗaukar kwana 60, kuɗin yin jaka na wata biyu, wato 28 sau 700 sau 2, ko 39,200, zai kasance kullum a hannun mutane, ban da yadin da ke jibge a sito, wanda sau da yawa dole a saye shi da yawa saboda masu sayar da shi suna da mafi ƙarancin abin da suke yankawa. An ɗaure 111,200 ke nan aƙalla. Kuɗin da ke dawowa hannu a wata shi ne riba 1,564 da tsufan injuna 1,200 da ba a biya kowa ba, 2,764. Kuɗin injuna kaɗai zai ɗauki wata 26 kafin ya dawo, duka abin da aka ɗaure kuwa wata 40, daga cikin wata 60 da ake sa ran injunan za su yi. Wannan ma ba a saka faɗuwar watannin farko ba. In watan farko jaka 200 aka sayar, faɗuwarsa ta kusa 6,700. In na biyu 350 ne, ta haura 4,200. In na uku 500 ne, kusan 1,700. Sama da 12,600 ke nan kafin kayan ya tsaya da ƙafarsa, ribar wata takwas ta cikakken ciniki. Masana'antu da dama da lissafinsu ya nuna riba sun tsaya ne a wannan tsakanin, ranar da albashi ya zo kuɗi na hannun masu sari.

Wuri na biyu da za a taɓa shi ne tsarin kuɗin kansa, a mai da tsayayye ya koma mai bin kaya. Maimakon sayen kekuna da kama ɗaki, a ba wata masana'antar ɗinki kwangilar yanka da haɗawa, a riƙa kai mata kayan aiki. Za ta caji fiye da 6, tunda tana da nata haya da riba, a ce 12 a kowace jaka. Rara ta ragu da 6, a farashin 54 ta zama 10.52. Amma haya da injuna da gyara da mai yanka duk sun fita daga lissafi. Abin da ya rage talla ne 2,500 da mai duba inganci 1,100, jimilla 3,600. Gaɓar ta faɗo zuwa jaka 343. A ciniki 630, riba ta haura 3,000. A 700 ta kai 3,764. Ko a tsohon farashin 50, inda rara 7 ce kacal, gaɓar 515 ce, ƙasa da hasashe. Kuma in kayan ya ƙi karɓuwa, ba a bar kowa da kekuna shida da yarjejeniyar haya a wuya ba.

Akwai adadin da in an wuce shi yin aikin a gida ya fi, kuma shi ma rabawa ɗaya ce. Bambancin tsayayyen kuɗi tsakanin hanyoyin biyu 6,400 ne, bambancin rara 6, wato jaka 1,067. Amma an riga an ga zubin aiki ɗaya ba ya wuce 705, don haka sai da aikin dare, wanda ya mai da bambancin 8,400, adadin ya koma 1,400. Sai ciniki ya ninka hasashen yau sau biyu kafin sayen kekuna ya fi bayar da kwangila. Abin da kwangilar ke ci ba ya fitowa a wannan rabawar: kashi huɗun masu lalacewa na iya zama takwas a hannun da ba naka ba, odarka na iya jira a bayan ta wani babban abokin cinikinsu, kuma zanen jakarka yana ɗakin mutanen da su ma sun iya ɗinki. Na farkon ana iya sa masa farashi: in ladan ɗinki 12 ne, kuɗin yin jaka ya zama 31, kuma ɓarnar kashi takwas za ta ɗora kusan 2.7 a kowace mai kyau maimakon 1 da aka lissafa, gaɓar ta tashi daga 343 zuwa wajen 410. Shi ya sa ake rubuta a yarjejeniya tun farko wa zai ɗauki kuɗin jakar da ta faɗi a wajen dubawa, da kuma ranar da kowace oda za ta fito.